Yadda Ake Tsara Jadawalin Izini Don Manaja Ya Samu Barci

Jadawalin izini shi ne teburin da ke shafin masu gudanarwa na manhaja, wanda yake nuna abin da kowane muƙami yake da ikon aikatawa, kuma idan aka tsara shi da kyau, manaja ba ya buƙatar tayar da injiniya da tsakar dare don ya tambayi wanda ya goge labarin jiya. Manhajar WordPress misali ce mai kyau, domin a shafi guda tana zuwa da muƙamai biyar: `Administrator`, `Editor`, `Author`, `Contributor` da `Subscriber`.

Matakin farko shi ne a jera muƙamai a saman tebur, ayyuka kuma a gefe daga sama zuwa ƙasa, tun da muƙamai kaɗan ne, ayyuka kuwa kullum haihuwa suke yi. Sai a kafe layin sama da umarnin `position: sticky; top: 0`, don kada manajan da ya gangara layi na talatin ya koma bin allo da ɗan yatsa yana ƙirga gurabe. Sunayen ayyuka irin su `edit_others_posts` na masu rubuta manhaja ne. Abin da ya dace manaja ya gani shi ne "gyara rubutun wasu".

Babban aiki yana cikin gurbi, wato ɗan akwatin da muƙami da aiki suke haɗuwa. Mai tsarawa yakan so ya sa alamar amincewa ya wuce, alhali tambayar wa zai iya gyara rubutu tana da amsoshi huɗu a WordPress. `Administrator` da `Editor` suna gyara na kowa, `Author` yana gyara nasa kaɗai ko da an wallafa, `Contributor` yana gyara nasa ne kawai kafin a wallafa, shi kuwa `Subscriber` karatu ne rabonsa. Idan muƙamai huɗun farko suka samu alama iri ɗaya, manaja zai ɗauka sabon marubucin da ya zo ranar Litinin yana iya taɓa sharhin babban edita, hankalinsa ya tashi a banza. Maganin shi ne a rubuta amsar da kalmomi a cikin gurbin: "na kowa", "nasa kaɗai", "nasa, kafin wallafa", "a'a".

Kada a bar gurbi fayau, domin mai kallo ba zai san ko hani ne ko mantuwa ba. Haka nan kore da ja kaɗai ba sa wadatarwa, saboda akwai mutane da dama, galibinsu maza, da idonsu ba ya rarrabe launukan biyu.

Kafin a saki shafin, a zaunar da manajan da bai taɓa ganinsa ba, a tambaye shi ko `Contributor` yana iya ɗora hoto. Amsar ita ce a'a, domin ba shi da izinin `upload_files`, kuma idan manajan ya fara lalube aljihu yana neman lambar injiniya, to layin ɗora hotuna ne ya kamata a sake wa suna ko matsayi.