Wai godiya sau biyu roƙo ne?

Na san abin da 'yan majalisar bakin tasha a Miga za su ce tun kafin in rufe baki. "Mutum ya kai sunanka wurin aiki, ka ce masa na gode, shi ke nan. Komawa karo na biyu ai maula ce." To, masu ilimin tattalin godiya, ku gyara zama, don godiyar nan biyu kowacce da aikinta.

Mu ɗauki yaron da ke koyarwa a firamare a nan Miga ƙarƙashin shirin J-Teach na gwamnatin Jigawa. Wani malami da suka yi aiki tare ya koma wata makarantar kuɗi a Haɗeja, ya ji ana neman malamin lissafi, ya shiga ofishin shugaban makaranta ya ce, "Akwai wani yaro, na tsaya masa." Ku lura da abin da ya ajiye a teburin nan: mutuncinsa ne. Aka kira yaro ganawa ranar Talata.

Godiyar farko a ranar ake yin ta, kafin a kwanta, kuma rabinta rahoto ne. Dalili kuwa, shugaban makaranta zai iya tare malamin nan da safiyar Laraba ya ce, "Yaronka ya zo, amma ya yi maganar ba shi da masauki a Haɗeja." In bai san da zancen ba, sai ya tsaya yana inda-inda, a gane ashe ma ba su yi magana ba. Saƙon waya ya isa, ga irinsa:

"Salamu alaikum Malam. An yi ganawar, mutum uku ne suka zauna. Sun sa na koyar da darasi a allo, sun tambayi inda na san ka, na ce mun yi aiki tare a Miga. Maganar masauki na ce zan zauna wurin kawuna. Sun ce sai bayan mako biyu. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri."

Wani zai ce, "Ina kuma wurin da zai ce Malam ya sa baki?" Babu shi, kuma da gangan. Ya riga ya sa bakin. In ka ƙara da "a taimaka a yi magana da shugaba," ka mai da godiya ta zama aike, kuma nan ne zarginku na maula yake tabbata. Haka masu ɗaukar kwano goma na shinkafa su kai gidan mutum tun sakamako bai fito ba. Na yarda shinkafar fadamarmu ba ta da na biyu, amma a wannan lokacin sunanta toshiyar baki, kuma in maƙwabta suka gani kun jawo wa bawan Allah magana. Shi kuma gwanin filashin, wanda zai bari wayar Malam ta yi ƙara sau ɗaya ya katse don Malam ya kira shi a yi masa godiya da katinsa, wannan sai addu'a.

Ta biyu ita ce wadda aka fi zubarwa. In an ɗauke ka, kira shi da bakinka ranar da takardar kama aiki ta shigo hannu, kafin ka sa hotonta a WhatsApp. Daga baya ka taka har gida, a gaisa a zaure, yanzu goro ko shinkafar ta halatta. Abin kunya shi ne ya je kasuwar Gujungu ranar Lahadi wani ya ce masa, "Ashe yaronka ya samu!" shi kuma ya yi yaƙe ya ce, "Haka nake ji."

"To in ba a ɗauke ni ba fa, godiyar me?" Yauwa, na san nan kuke jira. Mai kwalekwalen da ya tsallakar da kai kogin Haɗeja da damina, kana hana shi haƙƙinsa don ka tarar wanda ka je nema ya yi tafiya? Cikin kwana ɗaya ko biyu ka sanar da shi: "Malam, sun kira, ba a dace ba. Na gode da tsaya mini da ka yi. In ka ji inda na gaza, ka faɗa mini." Kada ka haɗa da "ai dama an riga an raba wa 'ya'yan manya," don wurin aikinsa kake zagi, kuma gobe da safe can zai sa hannu a rajista. Shi ne kaɗai zai iya jiyo maka ko darasin allo ne ya kayar da kai ko maganar masauki. Sau da yawa ma shi ke jin nauyinka, yana tsammanin ka ƙullace shi, har ya riƙa sauya hanya in ya hango ka a wurin ɗaurin aure. Malamin lissafi kuwa ba ya daɗewa a makarantar kuɗi in gwamnati ta buɗe ɗaukar aiki, zango mai zuwa ana iya sake tambayarsa ko yana da wani.