Rago Guda, Suna Huɗu

Sunana Abdurrahman, mahaifina Usman, kuma a allona na makarantar malam a Gidan Goga babu wanda ya taɓa jayayya da haka. Rigima ta soma ne ranar da wani banki a Talata Mafara ya ce sai sunan da ke kan BVN ya dace da na NIN kafin in taɓa kuɗin waken suyar da na sayar.

Ma'aikaciyar ta kalli na'ura, ta kalle ni. "Malam, kai ne Abdurrahman Uthman?"

"Ni ne."

"Abdulrahaman Usman fa?"

"Shi ma ni ne."

"To ka je ku sasanta, na'ura ta ce ku biyu ne."

Da na koma gida na zazzage jakar takardu, sai na tarar ashe mu huɗu ne. Hedimastanmu na firamare ya rubuta Abdul Rahaman Usuman, wato ya raba ni biyu, Abdul ya zama sunan yanka, Rahaman ya zama na tsakiya. Takardar sakandare ta ce Abdulrahman Usman. Na kai wa Baba ƙara, ya saurara har ƙarshe, ya ce: "Ni dai rago guda niy yanka. Sauran ukun, su nemi ubansu."

Abin haushin shi ne duk cikinsu babu wanda ya yi ƙarya. A rubutun Larabci akwai lam tsakanin Abdu da Rahman, ana rubuta shi amma ba a furta shi, domin ra tana cikin haruffan shamsiyya masu haɗiye lam, sai a ɗora mata shadda. Wanda ya bi ido zai rubuta Abdulrahman, wanda ya bi kunne zai rubuta Abdurrahman. Shi kuwa Rahaman harshenmu ne ya cusa masa wasali, don akwai baƙaƙen da Bahaushe ba ya son su yi karo a bakinsa, abin da ya mai da Usman Usuman ke nan. Uthman kuma aikin wani ustaz ne da ya cike mini fom, ya ga harafin nan mai ɗigo uku da Balarabe ke furtawa da harshe tsakanin haƙora bai cancanci a kira shi sa ba. Da a ce a Maraɗi aka haife ni, da na zama Abdourahamane Ousmane, tunda can da alƙalamin Faransanci ake rubutu.

Na'ura ba ta yi makarantar allo ba. Harafi da harafi take gwadawa, har gurbin da aka bari tsakanin Abdul da Rahaman lissafi ne a wurinta.

Wani dattijo da muka haɗu a layi a Gusau, wanda Sa'idunsa ya koma Saidu a fasfo saboda layukan ƙasa da na'ura ke karantawa ba su ɗaukar waƙafin sama, shi ya ɗora ni a hanya. Ya ce kada in zaɓi wanda ya fi daɗin ji, in zaɓi wanda ya fi wuyar gyarawa, sauran su bi shi. Takardar sakandare ta fi kowa taurin kai, don haka Abdulrahman Usman ya ci zaɓe. Daga nan sai rantsuwa a kotu cewa duk mutanen nan ni ne, sai sanarwa a jarida, sannan a gyara NIN, banki ya biyo baya.

Na zauna gaban mai buga takardu a gindin wata darbejiya, na faɗa masa sunana da baki, a hankali, kamar mai biya wa yaro karatu. Ya buga, aka sa hatimi, na biya. Muna cikin mota, mun kusa Mafara, na buɗe takardar. Na rantse gaban hukuma cewa daga yau sunana Abdulrahmon Usman. Mun zama biyar.

Tun daga ranar na daina furta sunana a ofis. Na rubuta shi da manyan baƙaƙe a ɗan kati, ina miƙawa, kuma ba na tashi sai an juyo mini na'ura na karanta da idona, harafi bayan harafi, kafin a danna.

Da Allah ya ba ni ɗa, na ce shi kam ba zai gaji wahalata ba. Na tsallake duk wani Abdul, na tsallake Muhammad da Mohammed da Muhammadu, na raɗa masa Isa. Harafi uku, babu lam, babu shadda. Ƙanena ya je karɓo takardar haihuwa, ya dawo yana murmushi.

"Yaya, ga takardar Isah."