Ciniki Uku, Dala Ɗaya

Mu masu cinikin kuɗaɗen waje a waya akwai son a ce mun iya taka-tsantsan. Ka zauna a majalisarmu bayan la'asar, sai ka ji wani yana bugun ƙirji: "Ni fa mutumina, ba na zuba jarina wuri guda. Yau gida uku na raba shi." A leƙa wayar tasa, sai a ga ya sayi EUR/USD, ya sayi GBP/USD, ya ƙara da AUD/USD. Mu kuwa sai jinjina, wai yaro ya ƙware.

Alhali duk kanwar ja ce. Wanda ya sayi EUR/USD, yuro ya karɓa ya ba da dala. A na biyun fam ya karɓa ya ba da dala, a na ukun ma dalar Ostireliya ya karɓa ya ba da ta Amurka. Magana ɗaya ya faɗa sau uku: dala za ta faɗi.

A yi lissafi. Jarinsa dala 1,000 ne, ya kuma yi wa kansa doka cewa ba zai yarda ya rasa fiye da kashi 2 cikin 100 a ciniki guda ba, wato dala 20. Da baki dokar tana nan. Amma in dala ta tashi, ukun tare za su taɓa iyakar asarar da ya sa, dala 60 ta tafi. Kashi 6 ke nan ya ɗora a kan ra'ayi ɗaya.

An kuwa gani. Ranar 13 ga Satumba, 2022, da ƙarfe ɗaya da rabi na rana agogon Najeriya, Amurka ta fitar da alƙaluman hauhawar farashi: kashi 8.3, sama da abin da aka zata. Kasuwa ta ce babban bankinsu zai ƙara kuɗin ruwa, aka yi rububin dala. Yuro da fam da dalar Ostireliya kowanne ya zube fiye da kashi 1 a yinin. Irin wannan rana ce muke cewa dillali ya yi mana maguɗi, ko kuwa da sa hannun mutanen ƙauye.

Masu wayon cikinmu sukan ce, "To ni sayar da USD/CHF na yi, ai na bambanta." Ina! A nan dala ce a gaba, sayarwar kuwa ita ce ba da dalar.

Gaskiya ba kullum suke tafiya tare ba. Da Birtaniya ta kaɗa ƙuri'ar barin Tarayyar Turai a Yunin 2016, fam ya yi faɗuwar da ta ninka ta yuro. Labarin gida yakan raba su, na Amurka ya haɗe su.

Saboda haka ɗan'uwa, kafin ka danna, rubuta abin da ka karɓa da abin da ka bayar a kowane ciniki. In dala ta fito gefe guda sau uku, raba dala 20 ɗin nan uku, ko ka zaɓi ɗaya ka bar sauran.