Zuwa da Kai Ya Fi Saƙo

Mu mutanen Dukawuya, Allah Ya yi mu da wani hali mai ban dariya, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In mai Adaidaita ya ɗauko mu daga Kabuga ya ce kuɗinsa ya ƙaru da naira hamsin, sai mu tsaya a bakin ƙofa mu yi ta ja-in-ja har a kira sallar la'asar. In mai shayi ya ba mu canji, sai mun ɗaga takardar sama mun haska ta a rana. Amma a turo mana saƙo a waya a ce "mun canza asusu, tura nan," sai ka ga babban mutum da gemunsa ya danna dubu ɗari huɗu cikin minti ɗaya, har yana ƙarawa da "Allah Ya ƙara kasuwa, Alhaji." Kada kowa ya sunkuyar da kai, dukkanmu ne.

Abin da ya tayar da zancen a majalisarmu ta bayan isha'i shi ne takardar da wani Alhaji dila da muke sarin kaya a wajensa a kasuwar Singa ya liƙa a ƙofar shagonsa, ya kuma buga a ƙasan rasit: kamfaninmu ba ya canza lambar asusunsa ta saƙo. Magana gajera, amma muka kwana uku muna yi mata tafsiri. Wani ya ce saƙon tes ake nufi, WhatsApp ba ya ciki. Wani ya ce in murya aka naɗo ai ba saƙo ba ne, magana ce. Na uku, wanda ya fi mu wayo a ganinsa, ya ce in dai daga lambar Alhaji saƙon ya fito, to Alhaji ne. Wannan na ukun shi ne kuɗinsa suka tafi.

Ga yadda aka yi. Maƙwabcin namu yana da ɗan shagon tireda a bakin layi. Ran Talata ya yi odar katan-katan na taliya da man girki da sabulu na naira 480,000, aka turo masa lissafi, aka yi da shi zai biya da safe. Da daddare sai ga saƙo daga lambar da ya saba, da hoton Alhaji yana murmushi cikin babbar riga: asusun kamfani ya samu matsala, banki na gyara, a tura a wannan kafin ƙarfe goma saboda mota za ta tashi. Ya shigar da lambar, sunan wani mutum ya fito wanda bai taɓa ji ba. Ya ɗan tsaya, ya rubuta, "Ranka ya daɗe, wani suna na gani." Aka amsa nan take, "Akawunmu ne, kada ka damu." Ya tura. Washegari ya je ɗaukar kaya, Alhaji ya duba ya ce alat bai shigo ba, kuma shi tun jiya da magariba WhatsApp ɗinsa ya fita daga hannunsa.

Yadda ake ƙwace shi kuwa ba tsafi ba ne. Ɓarawo ya sa lambar mutum a tasa wayar, WhatsApp ya aiko wa mai lambar wasu lambobi shida na tantancewa, sai ɓarawon ya kira da murya mai daɗi ya ce daga ƙungiyar 'yan kasuwa ne, za a yi taro ta waya, karanto mana lambar da aka turo maka mu sa ka a ciki. Mu kuma da son a sa mu a ciki! Da ya karanta, shi ke nan, gida ya koma hannun baƙo. Ɓarawon ya tarar da zaurukan da mutum yake ciki da lambobin mutanen da ke cikinsu, kuma duk wanda ya rubuto "zan tura gobe" a hannunsa saƙon zai faɗa. Shi ya sa lambar Alhaji ba Alhaji ba ce, kamar yadda hular Alhaji a kan wani ba ta mayar da shi Alhaji.

To, ga fassarar gargaɗin dalla-dalla, yadda muka ƙarasa fahimtarsa bayan an yi asara. "Saƙo" na nufin duk abin da ya iso ka ta waya ba tare da ka nema ba: tes, WhatsApp, imel, muryar da aka naɗa, hoton takarda mai hatimi da sa hannu, har da kiran da aka yi maka. Ko daga lambar da ka sani ya fito, hukuncin ɗaya ne. Tabbatarwa kuwa sai ta wata hanya dabam wadda kai ka zaɓa. Ka ɗauko tsohon rasit ka kira lambar da ke jiki, kira na layi, ka ji muryar wanda ka sani, ka ce ya karanto maka lambobin asusun guda goma da bakinsa. Kada ka kira lambar da aka sa a cikin saƙon, kada kuma ka tambaya a cikin hirar, domin tambayar ɓarawo ko shi ɓarawo ne ba ta taɓa kama kowa ba. In kuɗin da nauyi, daga Dukawuya zuwa Singa ba Makka ba ce, ka hau Adaidaita.

Amma fa a nan kunya take kama mu. Mu a wajenmu kiran babban mutum a ce "Alhaji, da gaske kai ne ka turo?" kamar zargi ne. Sai mu ce kada ya ga kamar ba mu yarda da shi ba, shekara goma muna tare. Mun gwammace mu yi asarar jari da mu yi asarar fuska. Alhali shi Alhajin ne da hannunsa ya liƙa takarda yana roƙon a kira shi. Matambayi ba ya ɓata, sai dai mu mun mayar da tambaya rashin ladabi.

Akwai kuma mai tsaron ƙofa da banki ya ba mu kyauta, muke wuce shi ba sallama. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya fito da tsarin NUBAN a 2010, lambar asusu ta zama guda goma, kuma ta ƙarshen lissafi ce da aka ɗora a kan sauran domin a kama kuskuren dannawa. Kuskuren yatsa take kamawa, ba ta kama mugun nufi, domin asusun ɓarawo ma asusu ne na gaske. Abin da ke taimako shi ne sunan da ke bayyana kafin ka sa lambar sirri. In kana biyan kamfani sai sunan mutum ya fito, tsaya. In ka saba da banki kaza sai aka kawo maka wani, tsaya. Mu kuwa sunan nan muna kallonsa ne kamar yadda muke kallon fitilar kan titi da tsakar dare.

Sunan ma ba shi ne ƙarshen magana ba. Tsakanin 2013 da 2015 wani mutumin ƙasar Lituweniya, Evaldas Rimasauskas, ya yi rajistar kamfani da suna irin na Quanta Computer, kamfanin Taiwan da ke sayar wa Google da Facebook kayan aiki. Ya riƙa aika musu takardun neman biya ta imel da asusun da ke hannunsa, suka tura masa sama da dala miliyan 100. Wata kotu a Amurka ta ɗaure shi shekara biyar a 2019. Da aka ba maƙwabcinmu wannan labari sai ya gyara zama ya ce ashe shi da Google ajinsu ɗaya. Darasin dai shi ne suna zai iya yin kama, don haka sabon asusu, kowane suna ya ɗauko, sai an tabbatar da shi da baki.

Yanzu bari mu juyo kan masu liƙa takardar, don su ma namu ne. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da har mai ƙosai ta koyi cewa "alat bai shigo ba," muka saba da wata al'ada: "wannan bankin ba netiwok, tura ta asusun yarona," "tura wa mai POS ɗin can," "sa a na ƙanina, zan karɓa." Ɗan kasuwar da ya rubuta ba ya canza asusu da safe, shi ne da azahar zai ba ka asusu na uku. To, in ka saba wa abokin ciniki da haka, ranar da ɓarawo ya ce masa "akawunmu ne," da me zai gane? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gyaran mai sauƙi ne. In netiwok ake tsoro, a buɗe asusu biyu a bankuna biyu da sunan kasuwancin, a buga su duka a rasit da bangon shago, a ce bayan waɗannan babu na uku. In canji na gaske ya zo, a sanar a shago, a faɗa wa mutane ido da ido, a bar tsohon asusun yana aiki na ɗan lokaci. Canjin gaskiya ba ya zuwa da "kafin ƙarfe goma." A kuma shiga WhatsApp a kunna Two-step verification, a sa lambar sirri ta kai, ta yadda ko an yaudari mutum ya karanta lambobi shidan nan, da sauran ƙofa a kulle.

Wani abin dariyar ma, ɓarayin sun haddace gargaɗin fiye da mu. Saƙonsu yakan fara da "hattara da 'yan damfara, wannan ne kaɗai asusunmu yanzu." Sai mu ji daɗi mu ce kai, kamfanin nan yana kula da mu, har mu tura wa zauren 'yan uwa don neman lada.

In kuwa an riga an tura, to ba lokacin zama a majalisa ana salati ba ne. Maƙwabcinmu sai da ya yi yini guda yana jin nauyin faɗa, mu kuma muka yi wani yinin muna jajanta masa da "tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Kuɗin taransifa nan take suke sauka, ɓarawo kuma nan take yake rarraba su zuwa wasu asusun ko ya cire. Abin yi shi ne ka kira bankinka a cikin wannan sa'ar, ka ba su rasit ɗin taransifar da lambar da ke jikinsa, ka nemi su tuntuɓi bankin da kuɗin suka shiga a riƙe asusun. Ka ajiye hoton hirar kada ka goge don haushi, ka kai ƙara wajen 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kano, ka kuma sanar da dilan don ya gargaɗi saura. Ko an dace an riƙe kuɗin, dawo da su yakan ɗauki lokaci, sau da yawa sai da takardar kotu. In bankin ya yi mako biyu bai warware kokenka ba, kana da damar kai shi sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki.

Shi dai namu, dattawa ne suka zauna tsakaninsa da Alhaji. Alhaji ya ce kuɗi ba su shigo hannunsa ba, gaskiya ne. Shi kuma ya ce daga lambar Alhaji aka yi masa magana, shi ma gaskiya ne. Aka tashi a kan a ba shi kayan bashi ya riƙa biya a hankali, kowa ya tafi yana ganin shi aka cuta.

Don haka jama'ar Dukawuya, da ku na Gadon Ƙaya da Kabuga da kuke mana dariya alhali halinmu ɗaya, gemun ɗan'uwanku ya kama wuta. Duk saƙon da ya zo da sabon asusu, ko da hoton Alhaji da muryarsa, a ajiye waya, a ɗauko tsohon rasit, a kira. Katin kiran minti ɗaya bai kai kuɗin kofin shayi ba.