Maigida Ya Rantse Ya Daina Biyan Kuɗin Dish

Akwai wata rantsuwa da magidanta ke yi wadda ko malamai sun gaji da lissafa mata kaffara: "Wallahi daga wannan watan na daina biyan kuɗin dish!" Ana yin ta duk lokacin da kamfani ya ƙara kuɗi, ko ƙungiyar maigida ta sha kashi, ko yara suka zo na kusa da ƙarshe a jarrabawa. Abin da ke ba ni mamaki shi ne lokacin da ake zaɓa. Kusan kullum sai kwana biyu bayan an biya.

Ga yadda abin yake. DStv da GOtv da StarTimes ba sa ba da bashi, sai ka biya ka kalla. Ka biya na wata, an buɗe maka kwana talatin, kuma kwanakin nan tafiya suke ko ka kunna ko ba ka kunna ba, ko da wuta ko Nepa ta ɗauke. Saboda haka babu wata takardar bashi ta ƙarshe da za a aiko maka. Kuɗin ƙarshe shi ne wanda ka riga ka biya. In maigida ya zare waya, ya nannaɗe dikoda a tsohon zani, ya ɗora a kan sif don kamfani ya ji a jikinsa, to kamfani ya riga ya ci ya wanke hannu.

Mu ɗauki wani Alhaji, ba sai mun kama suna ba, kowace unguwa tana da nata. A watan Maris na 2025 aka ɗaga kuɗin tsarin Compact na DStv daga naira 15,700 zuwa 19,000. Alhaji ya yi jawabi a majalisa, ya ce shi don Firimiya kawai yake biya, ana gama kaka ya gama. Sai kuɗinsa ya ƙare a tsakiyar Mayu, ya daure kwana biyu yana leƙen gidan kallo, ranar 20 ga wata haƙuri ya gaza, ya biya. Ranar 25 ga Mayu aka rufe gasar. Kuɗinsa kuwa sai wajen 18 ga Yuni zai ƙare. Raba 19,000 gida talatin, kowace rana ta tashi kimanin naira 633. Ya ci kwana shida, saura ashirin da huɗu, wato sama da naira 15,000 ya sayi tashar katun da fina-finan Indiya. Da ya ɗan jinkirta biyan watan baya har 26 ga Afrilu, da kwana talatin ɗinsa sun cika daidai ranar wasan ƙarshe. Amma Alhajin da ke iya lissafin makin da ƙungiyarsa ke buƙata ta tsira daga faɗawa ƙasa bai taɓa sanin ranar da kuɗinsa ke ƙarewa ba, alhali tana cikin saƙon da aka turo masa a waya.

Sannan ga tarko. Wanda ya taɓa amincewa a riƙa cirar kuɗi kai tsaye daga katin bankinsa, rantsuwa a falo ba ta soke wannan izini. Sai ya shiga inda ya ba da shi ya kashe kafin ranar sabuntawa, in ba haka ba ya wayi gari da alat na cire kuɗi yana sallallami.

Mai jarida kuma nasa tsarin a juye yake. Shi yana kawowa, yana rubutawa a littafi, ƙarshen wata ya zo karɓa. Maigida ba zai iya kallon idonsa ya ce ya daina kawowa ba, kunya. Sai ya fara aika yaro ya ce ba ya nan, shi kuwa mai jarida yana ci gaba da turo ta ta ƙarƙashin ƙyaure, bashi yana hawa. Magana ɗaya ce: "Malam, ranar Juma'a ka tsaya, nawa kake bi na?" An fi son ɓuya na wata uku.

Mu koma falo. Ranar da allo ya nuna E16, gida ya yi tsit, maigida yana taƙama. Kwana uku sai hoto ya dawo. Ashe Hajiya ta kwafi lambar katin dikoda tun tuni, ta biya ta waya da kuɗin adashi, domin shirin da take bi bai ƙare ba. Maigida ya shigo, ya tsaya, ya ce, "Wa ya biya wannan abu?" Aka yi shiru. Ya zauna, ya ce a miƙo rimot.

Alhaji, in da gaske kake, duba ranar ƙarewa, kashe cirar kai tsaye, ka kalli kuɗinka har daren ƙarshe. Lambar katin kuma ka nemi sulhu da Hajiya.