Bangon mai gida

A Tawa, ɗan haya ɗaki ya kama, ban da bango. Bango na mai gida ne, kuma ya fi sanin lafiyarsa da ta 'ya'yansa. Ƙusa ɗaya ka buga, zai ji ta ko yana Abijan wajen bida.

Sai wayayyu suka koma salatif. Madalla. Amma bangon farar ƙasa aka shafa masa. Ranar ɓamɓarewa salatif zai taho da ita, ya bar maka taswirar Adar, har da Keita da Bouza. In fentin mai ne, zafin Afrilu zai narkar da gam, kalanda ta faɗo tsakar dare, ƙura ta manne a gurbin, ta zama baƙin tabo mai kusurwa huɗu.

Ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani sun gano bakin zaren. Igiya daga ƙarfen taga zuwa ƙarfen ƙofa, a rataya atamfa, a maƙale hotuna da abin shanya. Madubi a jingine shi bisa akwati, da tsumma a bayansa. Bango ko a jikinsa.

Ramukan ƙusar tsohon ɗan haya kuwa, gado ne, a mora. Sai dai a ƙirga su gaban mai gida tun ranar shiga, da shaidu biyu. In ba haka ba, naka ne.