Masu Rubuta wa Tela Wasiƙa, Kowa da Halinsa

Mako biyu kafin Sallah, wayar kowane tela a Maradi takan cika da hotunan riguna da wanduna marasa lafiya. Daga Tsibiri ake turo su, daga Jiratawa, daga Bagalam da Ali Ɗan Sofo, kowane hoto da wasiƙarsa a ƙasa. Buƙatar guda ce, a gyara ɗinki. Sai dai tela na iya karanta goma bai gane abin da tara ke so ba. Ga kaɗan daga cikin masu rubutun.

Na farko shi ne Sarkin Gaisuwa. Zai fara da sallama, ya tambayi gida, ya tambayi yaran shago da keken ɗinki, ya yi jajen zafin bana, ya yi addu'ar damina. Sai can ƙarshe, bayan layi ashirin, ya ce: "To, rigar nan dai ga ta, sai a hankali." Shi ke nan wasiƙa ta ƙare. Kunya ta hana shi cewa hannun dama ya fi na hagu tsawo, don telan abokin mahaifinsa ne. Tela zai amsa gaisuwar da kyau, ya yi zaton godiya aka zo yi, ya ci gaba da aikinsa.

Na biyu Mai Hoton Dare. Ya shimfiɗa kaftani a kan katifa, ya haska da fitilar waya, ya ɗauka. A hoton ana ganin zanen gado da ƙafar wani yaro, rigar kuwa tana kwance lafiya lau. Ai dole ta kwanta lafiya, don aibin ɗinki a jikin mai shi yake fitowa. Inda riga ta matse, yadin yakan ja ya yi layi a kwance, daga hammata zuwa ƙirji ko a gicciye bisa ciki. Inda ta yi yawa, sai ya zubo ya yi ninki a tsaye. Tela na ganin waɗannan layukan ya san inda zai sa almakashi, amma katifa ba ta da kafaɗa balle ta nuna masa. Wannan yana da ƙanwa, wadda ita takan sa rigar ta ɗauki hoton da kanta, hannu a miƙe sama. Fuska ta fito tas da jan baki da gashin ido, rigar da ake ƙara a kanta wuyanta kawai ya samu shiga.

Ta uku Hajiya Haka-Na-Ce. Hotuna biyu take turowa a jere. Na farko wata tauraruwar fina-finan Kano ce cikin doguwar riga mai baza ƙasa, na biyu ita ce cikin abin da tela ya ɗinka. A ƙasa ta rubuta: "Malam, ka ji tsoron Allah. Wagga da wagga ɗaya ne?" Abin da ba ta rubuta ba shi ne, turmin atamfa guda ta kai, yadi shida, ta ce a fitar mata da rigar, da ɗankwali, da ƴar rigar autarta. Ɗinki mai baza ƙasa yadi yake ci, musamman in atamfar mai manyan zane ce da sai an daidaita fure da fure. Laifin telan a nan shi ne da ya karɓa ya ce babu damuwa.

Na huɗu Mai Biyu. Wasiƙarsa gajera ce, har ka fara yaba masa: "A rage tsawon da biyu." Biyun me? Tef ɗin awo fuska biyu gare shi, inci a ɗaya, santimita a ɗaya, kuma Maradi gari ne da duka biyun ke aiki, tunda daga Ɗan Isa zuwa Jibiya ba nisa. Inci ɗaya ya ɗan haura santimita biyu da rabi, don haka biyun mutumin da ya saba ɗinki a Katsina santimita biyar ne a wurin telan da ke awo da santimita. In ka matsa masa da tambaya, sai ya ce shi yatsa biyu yake nufi. Shi ne kuma mai aiko da shadda yadi goma ya ce mita goma ce, alhali yadi santimita 91 ne da ɗoriya, wato an yi giɓin kusan santimita 86. Ranar da wandon ya tsaya a ƙwauri, zai rantse tela ya saci ƙyalle ya yi wa ɗansa hula.

Na biyar Mai Musun Tumbi. An auna shi a goman ƙarshe na azumi, ya kuma riƙe numfashi lokacin da tef ya zagayo cikinsa. Rigar ta yi masa daidai ranar idi. Bayan Layya sai ga wasiƙa: "Rigar da ka yi min ta matse, ka duba littafinka." Tela ba ya gardama da shi, tef kawai yake ɗaukowa. In tsawon riga da tsawon hannu sun ragu tare, wanki ne, domin yadin auduga da ba a jiƙa ba kafin yanka yakan tsuke a wankin farko. In tsawo yana nan yadda littafi ya ce, hannu yana nan, maɓallin ciki ne kaɗai ke neman ceto, to rigar ba ta motsa ba. Mai ita ne ya ci gaba.

Na shida Jikan Bawa Jan Gwarzo. Shi ba ya rubutu, saƙon murya yake turowa, kowane ɗaya minti tara. A ciki akwai tarihin gidansu, da kuɗin shaddar, da sunayen manyan da ya sani, da alkawarin cewa tun Gawakuke a 1836 ba a ga irin abin da za a gani ranar Litinin a kasuwar Maradi ba. Buƙatarsa kuwa ita ce a mayar masa da wuyan rigar yadda yake kafin a yanka. Wannan ba telan da zai iya. Ragewa abu ne mai sauƙi, ƙari kuwa iyakarsa rarar da aka bari a cikin ɗinki da abin da aka kalmashe a ƙasa. Wuyan da aka zurfafa ba ya komawa, sai dai a rufe da ƙarin aiki. Aikin zare da keke ya riga ya zuba a ƙirji ba ya matsawa gefe, kuma shadda ba ta yafe allura: in an farke, ramukan sukan tsaya a fili. Abin mamaki, shi wannan jarumi in ya iso shagon, da "Malam, ina wuni" yake farawa, ya karɓi shayi, ya tafi da alkawarin jibi.

Na bakwai Mai Ɗan Aike. Ya ƙulle rigar a leda, ya ba ɗan kabu-kabu a bakin kasuwar Tsibiri ranar Laraba, ya ce: "Ka ce ya rage hannu, ya ƙara ƙirji." Tafiyar ba ta da tsawo, amma a hanya an ɗauki fasinja, an sha mai, an tsaya gaisuwar mutuwa. Saƙon da ya isa shago shi ne a rage ƙirji, a ƙara hannu. Rigar takan dawo da ciwo biyu a kan wanda ta tafi da shi.

Kada telolin su yi dariya da yawa, su ma sun kasu. Akwai Malam Gobe-In-Sha-Allahu, akwai wanda kullum wuta aka ɗauke ko da kekensa na ƙafa ne, akwai wanda ya ba yaron shago ya yanka sannan ya ce maka haka ake yayi yanzu.

Sai na ƙarshe cikin masu rubutun, wanda ba a cika samu ba, wato mai rubuta abin da ake iya aiki da shi. Misalin wasiƙarsa, daga wani mai lambun zogale a Jiratawa zuwa ga telan da ya girme shi:

"Salamu alaikum Baba. Ina gajiya, ina aiki? Allah ya ƙara buɗi. Na karɓi kaftanin farar shaddar, aikin wuya ya yi kyau ƙwarai. Wuri biyu ne nake roƙon a duba. Ban wanke ta ba, ban kai bugu ba.

"Hoto na ɗaya daga gaba ne, da rana, ina tsaye hannuna a sake. Za ku ga yadin yana ja daga hammata zuwa maɓalli na biyu. Na auna ƙirjin wata rigata da ke min daidai, ta fi wannan da santimita huɗu a zagaye. Hoto na biyu cikin rigar ne, na ɗora tef a kan ɗinkin gefe, rarar ta kai santimita biyu. Hoto na uku hannu ne, ya rufe min bayan tafi, ina so a rage santimita uku.

"In sakin zai bar tabon allura a waje, ku faɗa min kafin a farke. Zan kawo ta da kaina ranar Juma'a, ina buƙatarta kafin Juma'a ta sama, akwai ɗaurin aure. In da abin da zan ƙara na aiki, ku gaya min. A gaida gida."

Tela ya gama lissafinsa kafin ya kai ƙarshen wasiƙar. Ɗinkin gefe biyu ne, kowanne ya haɗa gaba da baya, don haka in ya saki santimita ɗaya a kowane gefe ya samu huɗu a zagaye, rarar santimita ɗaya ta rage ta riƙe ɗinkin. Zai fara sakin daga ƙarƙashin hannu don hammata ta samu iska, ya shanye shi a hankali kafin ya kai bakin aljihu. Hannun kuwa, in bakinsa kalmasa ce kawai, aikin minti kaɗan ne. In an yi masa aikin zare, sai a cire hannun a rage ta kafaɗa, shi ya sa hoto na uku yake da amfani. Cewar ba a wanke ba ta toshe ƙofar gardama, ranar da aka sa kuma ta hana gobe ta haifi gobe.

Don haka mai karatu, kafin ka taɓa waya, sa rigar, fita haske, ba wani ya ɗauke ka gaba da gefe da baya. Juya cikinta ka ga ko akwai abin saki. Faɗi wurin, faɗi adadin, faɗi ko inci ne ko santimita, sannan ka sa rana. In kuwa tef ya nuna rigar na nan yadda aka ɗinka ta, ka ƙyale tela, ka je ka yi magana da mai tuwo.